Lambobin da ke ƙarƙashin rauta: wace ce ta waifai, wace ce ta maigida?

*Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinki a Agege. Makon jiya na sayi rauta ta hannu, irin mai cin layin waya, a kasuwar kwamfuta ta Ikeja. A ƙarƙashinta akwai sitika cike da lambobi, na gwada uku daga ciki a wayata, duk ta ƙi karɓa. Yarona ya ce in soka tsinke a ramin da ke bayanta, ni kuma ina tsoron kada datar da na saya ta salwanta. Don Allah wace ce wace a cikin lambobin nan?*

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara kasuwa.

Bari in fara kwantar maka da hankali: datarka ba a cikin rauta take ba. Tana can a rumbun kamfanin layin, a rubuce da lambar layinka, kamar yadda kuɗin mutum suke a banki ba a jikin katin cirar kuɗi ba. Ko ka soka tsinken sau goma, ko rautar ta faɗa kwata, muddin layin yana nan to data tana nan. Yaronka bai ba ka muguwar shawara ba, ya dai yi gaggawa. Akwai abin da ya kamata a duba kafin a kai ga tsinke.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, sitikar nan labarin ranar da rauta ta fito daga masana'anta take bayarwa. Ba ta san abin da ya faru bayan nan ba. Idan wanda ya riƙe ta kafin kai ya shiga ya canja suna da kalmar sirri, sitika ba ta motsa ba, tana nan da tsohon zance. A sabuwar rauta da aka ɓare daga kwali, abin da ke rubuce shi ne gaskiya. A ta hannu kuwa, sai an gwada.

Ban ga taka ba, amma masu cin layi kusan duk kamarsu ɗaya. Ga misalin yadda suke zuwa, lambobin ni na shirya su don bayani:

```
Input: 12V 1A
IMEI: 86xxxxxxxxxxxxx
S/N: K7R4C19B20005312
MAC: xx:xx:xx:4E:7C:3A
SSID: 4G-WIFI-7C3A
WiFi Key: 5B81D0E4
WPS PIN: 12345670
IP: 192.168.8.1
Username: admin   Password: admin
```

A cikin layukan nan tara, biyu kacal wayarka take buƙata don ta kama waifai: `SSID` da `WiFi Key`. Na farko shi ne sunan da rautar take shelantawa, wanda kake gani a jerin waifai na waya. Na biyu shi ne mabuɗinsa. Kamfanoni ba su haɗu a kan suna ɗaya ba, shi ya sa ake ruɗewa: wani ya rubuta `WiFi Key`, wani `WLAN Key`, wani `Wireless Password`, wani `WPA Key`. Duk abu ɗaya ne. Ƙa'idar tsarin tsaron da yawancin rautoci ke amfani da shi ta ce mabuɗin ba ya gaza harafi 8, ba ya wuce 63. Don haka duk abin da ka gani bai kai takwas ba, kamar `admin` mai haruffa biyar, ka san ba na waifai ba ne, wayar ma ba za ta bari ka danna maɓallin haɗawa ba.

Gwajin farko ba ya buƙatar rubuta komai. Kunna rautar, ka ba ta minti biyu ta gama tashi, ka tsaya kusa da ita ka buɗe jerin waifai. Ka nemi sunan da ke kan sitika. A unguwa irin Agege jerin yakan yi tsawo, don kowane ɗaki da nasa, kuma rautocin kamfani ɗaya sunayensu kan yi kama. Ka duba haruffa huɗu na ƙarshe. A misalin da na kawo, sunan ya ƙare da `7C3A`, lambar `MAC` ma ta ƙare da `7C:3A`. Masana'antu da yawa daga nan suke yanko wutsiyar sunan, don kada rautoci biyu su zo da suna ɗaya. Na sha zuwa gidan da mutum ya kwana yana zuba mabuɗinsa a rautar maƙwabci, don farkon sunan ɗaya ne.

Idan sunan sitikar bai fito a jerin ba, sai ka lura da wanda ya fi kowa cikar sanduna, ka zare wutar rautarka, ka sake duba jerin. Sunan da ya ɓace shi ne naka. An canja shi ke nan, kuma wanda ya canja suna da wuya ya bar mabuɗi yadda yake. A nan ka daina wahalar da kanka da lambobin sitika, babu wadda za ta shiga.

Idan kuma sunan ya fito daidai amma mabuɗin ya ƙi, abu biyu ne: ko mabuɗin kaɗai aka canja, ko rubutawa ce ta kuskure. Kafin ka yanke hukunci ka ɗauki hoton sitikar da waya ka buɗa shi sosai, don rubutun ƙanana ne, kuma zafi da gogayya suna cinye shi. Babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurin rauta, `b` daban `B` daban. Sai masu kama da juna: sifiri da `O`, ɗaya da `l` da `I`, takwas da `B`, biyar da `S`. Ka danna alamar ido a wurin rubutawa don ka ga abin da kake bugawa. Akwai wata dabara: idan ka lura duk haruffan mabuɗin ba su wuce `A` zuwa `F` ba, kamar `5B81D0E4`, to da alama da tsarin ƙidaya mai alamomi goma sha shida aka rubuta shi, wanda babu `O` babu `S` a cikinsa. Abin da ya yi maka kama da `O` sifiri ne. A lambar `MAC` wannan doka ce tabbatacciya, a mabuɗin waifai kuwa hasashe ne mai yawan dacewa.

Ka kuma karanta abin da wayar take cewa, don kalamanta sun bambanta. In ta ce `Incorrect password` ko `Authentication error`, mabuɗi ne bai yi ba. In ta ce `Connected, no internet`, mabuɗi ya yi, ka shiga, matsalar ta koma wajen layi: ko babu data, ko ba a sa layin daidai ba, ko rautar ba ta karɓar layin wannan kamfanin. Mutane kan ga wannan na biyun su koma suna sake buga mabuɗi, alhali ƙofa a buɗe take, ruwa ne babu a randa.

Yanzu ƙofa ta biyu, wadda ita ce ta fi muhimmanci a wurina. Layuka biyun ƙarshe, `IP` da `Username` da `Password`, na shafin sarrafa rautar ne. Ka ɗauka shagonka ne: mabuɗin waifai shi ne na ƙofar shago, duk yaran da ke aiki suna da shi. Wannan kuwa na durowar maigida ne. Wanda ya shiga shafin nan zai iya canja suna da mabuɗi, ya ga duk wayoyin da ke ɗaure da rautar, ya kori wanda ya ga dama, har da kai. A rauta mai layi akwai ƙari: yawancinsu suna nuna saƙonnin tes da suka shigo layin a cikin shafin. Idan layin da ka sa shi ne wanda banki ke turo maka lambar tabbatarwa a kai, duk mai `admin` zai karanta. Shi ya sa nake hana mutane sa layinsu na harka a rauta. A saya mata nata.

Lambar `192.168.8.1` ba adireshi ba ne a intanet, adireshin rautar ce a cikin gidanka kawai, kuma miliyoyin rautoci suna amfani da irinta ba tare da sun yi karo ba. Rautocin Huawei masu layi galibi ita suke ɗauka. TP-Link da ZTE da Tenda sun fi zuwa da `192.168.0.1`, wasu kuma `192.168.1.1`, TP-Link ma takan rubuta `tplinkwifi.net` a maimakon lamba. Ana rubuta ta a can saman burauza, inda ake sa adireshi, bayan an haɗa da rautar. Ka kashe datar wayarka tukuna, don waya in ta ga waifai babu intanet takan sulale ta koma kan datarta, sai shafin ya ƙi buɗewa ka zaci rautar ce ta lalace. Idan burauza ta ce `Not secure`, kada ka damu, haka shafukan rauta da yawa suke. Idan an canja adireshin, kwamfuta mai Windows da ke haɗe da rautar za ta gaya maka na yanzu, in ka buɗe `cmd` ka rubuta:

```
ipconfig
```

Ka nemi layin `Default Gateway`. A waya kuma yana cikin bayanan waifai ɗin da kake kai, a ƙarƙashin `Gateway` ko `Router`.

To ta yaya za ka shiga shafin alhali waifai ya ƙi ka? Da wayar kebul. Yawancin rautocin tebur suna da rami a baya mai suna `LAN`. Ka ari kwamfuta da kebul ɗin intanet, ka haɗa su kai tsaye. Kebul ba ya tambayar mabuɗin waifai. Sai ka buɗe shafin ka gwada abin da ke kan sitika. Abin mamaki, mutum zai canja mabuɗin waifai ya bar na durowa a `admin`, na ga haka ba adadi. Idan ka yi sa'a ya buɗe, ba ka ma buƙatar tsinke: ka je sashen `WLAN` ko `Wi-Fi Settings` ka sa naka. Kada ka yi ta hasashe in ya ƙi, wasu rautocin suna rufe shafin na ɗan lokaci bayan kuskure kaɗan.

Idan duka ƙofofin sun ƙi, lokacin tsinke ya yi. Ramin yana da rubutu `Reset` a gefensa. Rautar tana kunne za ka soka, ka danne kamar daƙiƙa goma har fitilun su ɗauke ko su yi ƙyaftawa, ka saki, ka bar ta ta tashi da kanta, kada ka zare wuta a tsakani. Dannawa ɗaya ka saki ba ta isa ba. A wasu samfuran maɓalli ɗaya ne aka rubuta masa `WPS/Reset`, gajeren dannawa wani aiki ne daban, dogon shi ne mai gogewa. Bayan ta tashi, duk abin da ke kan sitika ya dawo gaskiya: suna, mabuɗi, adireshi, da kalmar shiga shafi. Idan wayarka ta riga ta adana kuskuren mabuɗi a kan wannan sunan, ka danna `Forget` ka sake bugawa.

Ni a ra'ayina, ko da ka samu shiga ba tare da tsinke ba, rautar hannu gara a goge ta. Ba ka san abin da tsohon mai ita ya saita a ciki ba, kuma wayoyinsa da na abokansa duk suna riƙe da tsohon mabuɗi.

Abu ɗaya gogewa kan tafi da shi a irin taka, shi ne saitin `APN`, wato sunan mashigar da layi ke bi ya kai ga intanet. Yawancin rautoci suna gane shi da kansu da zarar sun karanta layin. Wadda aka shigo da ita daga wata ƙasa, ko wadda asali ta wani kamfanin ce aka buɗe ta, wani lokaci da hannu aka sa mata. Alamarsa ita ce sandunan sabis a cike, data tana nan, amma babu abin da ke buɗewa. Sai ka shiga shafin, wurin `Profile` ko `APN`, ka rubuta na kamfaninka. Na MTN shi ne `web.gprs.mtnnigeria.net`, na Glo `gloflat`, na Airtel `internet.ng.airtel.com`. Shi ya sa na ce a fara gwada kebul: in ka samu shiga kafin gogewa, ka ɗauki hoton wannan shafin ka ajiye.

Abin da gogewa ba ta yi kuma shi ne cire kullen kamfani. Rautar da kamfanin layi ya sayar da tambarinsa sau da yawa layinsa kaɗai take karɓa. In ka sa wani ta nuna `SIM Lock` ko ta nemi `Unlock code`, wannan lambar ba ta kan sitika, kuma ƙoƙarin shigar da ita ƙidayayye ne, in ya ƙare ta kulle gaba ɗaya. Kada ka zuba mata lambobin ƙarƙashi kana gwaji. Ka koma wurin wanda ya sayar maka.

Wannan sauƙin da na ba ka na mai layi ne kawai. Ga wanda yake karanta wannan yana da intanet na waya mai zuwa gida ta kan turaku, a yi hattara. Irin waccan tana da wani suna da kalmar sirri na uku, na `PPPoE`, wanda ma'aikacin kamfani ya shigar ranar da ya haɗa, kuma ba ya kan sitika. Na taɓa yin wannan kuskuren da hannuna a farkon aikina, a wani gida a Idi-Araba, ranar Juma'a da yamma. Maigidan ya manta mabuɗin waifai, na soka tsinke ina ji da kaina. Waifai ya dawo, intanet ya tafi. Sai ranar Litinin ma'aikacin kamfanin ya zo, ni kuwa na sha kallo daga yaran gidan.

Sai `WPS PIN`, wadda nake zargin tana cikin ukun da ka gwada, tunda lambobi takwas ce kuma ta yi kama da mabuɗi. An ƙirƙiro ta don na'ura irin firinta ta shiga waifai ba tare da an buga dogon mabuɗi ba. Matsalarta a yadda aka gina ta take. Lamba takwas kamata ya yi a ce sai an yi gwaji miliyan ɗari kafin a ƙure ta. Amma ta takwas ɗin ba sirri ba ce, lissafi ce daga bakwai na farko. Ɗauki `12345670`: haɗa na ɗaya, na uku, na biyar da na bakwai, 1 da 3 da 5 da 7, ka samu 16, sau uku 48. Ƙara na biyu, na huɗu da na shida, 2 da 4 da 6, wato 12, ya zama 60. Lambar ƙarshe ita ce abin da zai cika jimlar ta rabu da goma, a nan sifiri. Saura bakwai ke nan. Sannan rautar tana duba rabin farko daban, ta ba da amsa, kafin ta duba rabi na biyu. Huɗun farko gwaji 10,000 ne, ukun da suka rage 1,000, jimla 11,000. Wani mai bincike, Stefan Viehböck, shi ya fallasa wannan a watan Disambar 2011. Wanda ya samu lambar, rautar da kanta za ta miƙa masa mabuɗin waifai, komai tsawonsa.

Rautocin baya-bayan nan suna rufe wannan hanya bayan kuskure kaɗan, amma ta hannu ba ka san shekarunta ba. Ka shiga shafin ka kashe `WPS` kawai, shagon ɗinki ba ya buƙatarsa. A wasu rautocin TP-Link za ka ga an rubuta `Wireless Password/PIN` da lamba takwas guda ɗaya, ma'ana ita ce mabuɗin waifai kuma ita ce ta `WPS`. A irin wannan, in ka canja mabuɗi ka bar `WPS` a kunne, wanda ya taɓa ganin sitikar yana da sauran hanya.

Kada kuma ka haɗa ta da `PIN` da `PUK` na layi. Idan shafin rauta ya nemi `PIN`, na layin waya yake nufi, wanda ke jikin katin da aka ɓallo layin daga ciki. Kuskure uku yana kulle layin sai da `PUK`, ita ma lamba takwas ce, kuskure goma a kanta kuwa yana kashe layin sai an je ofis an sake wani. Na ga wanda ya ga an nemi lamba takwas, ya juya rauta ya kwafo ta `WPS`, ya yi ta maimaitawa.

Sauran lambobin na shaida ne, ba a shiga ko'ina da su. `S/N` lambar da masana'anta ta ba wannan rautar ce ita kaɗai, ana tambayarta wajen garanti. `MAC` haruffa goma sha biyu ne, bibbiyu sau shida, rabin farko yana nuna kamfanin da ya ƙera. `IMEI` lamba 15 ce, irin wadda waya ke nunawa in ka danna `*#06#`, kuma na'urar da ke cin layi ce kawai take da ita. Ga mai sayen ta hannu tana da amfani guda mai kyau: bayan ka shiga shafin, ka buɗe `Device Information` ka gwada `IMEI` da `S/N` na ciki da na sitika. In sun saɓa, ko an canja ƙoƙon rautar, ko an canja cikinta, ko an taɓa lambar. A nan ba mamaki mabuɗin sitika ya ƙi ko bayan gogewa, tunda sitikar ta wata rautar ce. In ka ga haka, kebul ne mafitarka: ka shiga shafin ta nan ka sa naka mabuɗin. In shafin ma ya ƙi, ka ɗauki rasit ka koma Ikeja.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake saya wa data. Data ana sayenta ne a lambar layi mai lamba 11 da ke farawa da sifiri. Kuma idan rautar ta zo da layi a ciki, ka cire shi ka sa wanda aka yi wa rajista da sunanka da lambarka ta ɗan ƙasa. Layin wani, ran da ya ga dama ya je ya karɓi abinsa, da datarka a ciki.

Akwai layin da kowa ke tsallakewa, ni kuwa shi ya fi kawo mini aiki a Legas: `Input: 12V 1A`. Rautar hannu da wuya ta zo da cajarta ta asali, mai shago yakan laluba kwali ya ba ka wadda bakinta ya shiga. Ka juya cajar ka karanta layin `Output`, ka gwada da `Input` na rautar. Lambar da ke gaban `V` dole ta zo daidai. Ba duka ne `12V` ba, ƙananan rautoci da yawa `9V` suke ci, cajar kwamfuta kuwa takan kai `19V`, in bakinta ya shiga sai dai ka ji ƙauri. Lambar da ke gaban `A` kuma ta caja ta kai ta rautar ko ta fi. Cajar `12V 2A` ba za ta cutar da rautar `12V 1A` ba, rautar abin da take buƙata kawai za ta ja. Ta `12V 0.5A` ita ce mai wahalarwa: fitilu za su kama lafiya lau, amma da an fara kallon bidiyo ko mutum uku sun hau, sai rautar ta mutu ta sake tashi. Mutum ya yi ta zagin kamfanin layi, alhali caja ce. Kusa da wurin akwai ɗan zane mai ɗigo a tsakiya da alamar tarawa da ta ɗebewa. Yawanci tarawa ce a tsakiya, ka tabbata zanen caja da na rauta sun yi daidai.

Tunda wutar Agege ka san halinta, wataƙila za ka so ɗora ta a kan fawabank da kebul mai ɗaga wuta. Lissafin daga sitika yake: 12 sau 1, wat 12 ke nan a ƙoli. Fawabank `5V` yake bayarwa, don haka kafin ya fitar da wat 12 sai ya ba da `2.4A`, ban da abin da kebul ɗin ke ɓatarwa. Ramin da aka rubuta wa `1A` ba zai riƙe ta ba in aiki ya yi nauyi, ka sa a mafi ƙarfin.

In ka ga suna biyu a sitikar, ɗaya ya ƙare da `5G`, kada ka yi murna ka zaci an ba ka sabis ɗin zamani na biyar a kuɗin na huɗu. Zangon waifai ne na `5GHz`, tsakanin rauta da wayarka. Ya fi sauri in kana kusa, kuma ya fi tsira daga cunkoson maƙwabta, amma bango yana rage masa ƙarfi. Na `2.4GHz` ya fi nisa. A cikin shago ɗaki ɗaya, ka hau na `5G` in wayarka tana ganinsa. Tambarin `CE` da `FCC` da kwandon shara mai giciye ba su shafi aikinka ba.

Bayan ta dawo hannunka, ga yadda nake yi wa masu shago. Na fara canja kalmar shafin sarrafawa, ita ce ta farko, don in ka bar ta a `admin` duk yaron da ka ba waifai zai iya shiga ya karanta sabon mabuɗi ko ya canja shi. Wasu sababbin rautocin ma ba za su bar ka ka wuce ba sai ka sa taka. Sannan na canja mabuɗin waifai zuwa abin da ya kai harafi goma sha biyu, ba lambar wayarka ba, wadda ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon shago. Tsaro a bar shi a `WPA2` ko `WPA3` in akwai. Da ka danna `Save` wayarka za ta faɗo daga waifai, haka ya kamata, sai ka sake shiga da sabon. Kalmomin biyu su bambanta, ka rubuta su a littafin awo ka sa a durowa, kada ka manna su a jikin rautar.

Amma ka san iyakar wannan. Duk wanda hannunsa ya kai ga rautar da tsinke a aljihu, daƙiƙa goma sun ishe shi ya mayar da ita kan abin da ke sitika, ya juya ya karanta. Za ka gane an yi haka in wata safiya ka ga sunan da ka sa ya ɓace, tsohon ya dawo, wayarka kuma ta ƙi hawa. Don haka ka ɗauki hoton sitikar ka adana, ka rufe layin mabuɗi da na `WPS PIN` da baƙin salatif, har da ɗan murabba'in zanen nan da ake haskawa da kyamara in akwai shi, don sunan waifai da mabuɗinsa ne a cikinsa a fili. Kada ka ɓare sitikar, ranar da kai ma ka manta za ka neme ta. Sai ka ɗora rautar a can saman kantar shago, inda sai an taka kujera, can ma sabis ya fi kamawa. In za ka turo wa mai gyara hoton ƙarƙashinta, layin `Model` da na `Input` sun ishe shi, ka rufe sauran da yatsa.